Shinkafar da Ba Ta Yi Tsami Ba, Amma Ta Kwantar da Gida

A yawancin gidajenmu hanci ne alƙalin ragowar abinci. Uwargida za ta buɗe tukunya da safe ta sunsuna, ta duba ko ya yi yauƙi, wani lokaci ta ɗanɗana. In babu tsami, sai a yi ɗumame. Hanci yana da ƙoƙari wajen gane abincin da ya lalace, amma lalacewar abinci daban, gubarsa daban, kuma ba ƙwayoyi iri ɗaya ke haddasa su ba.

Ƙwayoyin da ke lalata abinci, wato funfuna da yis da wasu nau'o'in bakteriya, cin abincin suke yi. Suna narkar da sitaci da maiƙo da tsoka, suna fitar da tsami da iska mai wari. Shi ya sa ake ganin aikinsu. Galibinsu ba sa sa cuta mai tsanani, wasu ma da gangan muke gayyato su. Nono bakteriya ne suka tsamama shi. Daddawa kuwa, duk da ƙarfin warinta, wata bakteriya ce daga dangin Basilus ta ruɓar da kalwar har ta zama abin miya, kuma tun kaka da kakanni ake cinta lafiya.

A cikin wannan dangi na Basilus akwai wata mai suna Basilus seriyus, wadda aikinta ya saɓa da na 'yar'uwarta ta daddawa. A ƙasa take zaune, don haka tun daga gona take maƙale wa shinkafa. Idan ta ji wuya sai ta dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri, kamar irin da ke kwance a busasshiyar ƙasa yana jiran damina. Tafasar tukunya ba ta kashe wannan ƙwanso. Abin da tafasar ke kashewa shi ne sauran ƙwayoyin, har da waɗanda da za su sa shinkafar ta yi tsami su ankarar da mu. Sai a sauke tukunya da abinci mai laima da ɗumi, babu abokin gasa, ƙwanson ya fashe, ƙwayar ta shiga hayayyafa.

Mu ɗauki misalin dafa-dukan biki. An gama dahuwa da ƙarfe takwas na safe, an juye a manyan kuloli. Muddin zafin abincin ya haura digiri 60, ƙwayar ba ta iya ƙaruwa. Amma ana buɗe kula ana ɗiba, zafi yana sauka. A ce da azahar ya sauko ƙasa da digiri 40, a ce kuma kowane giram na shinkafar yana ɗauke da ƙwaya 100 kacal. A irin wannan ɗumi ƙwayar kan ninka kanta kusan kowane rabin awa. Bayan awa ɗaya sun zama 400, bayan awa biyu 1,600. Cikin awa biyar an yi ninki goma, sun haura 100,000 a giram guda. Daga nan ne ake sa ran ta zuba gubar da za ta isa ta sa mutum rashin lafiya. Shi kuwa hanci, ba ya fara jin canji a abinci sai bakteriya sun kai wajen miliyan 10 a giram. Tsakanin 100,000 da miliyan 10 akwai ƙarin awa uku da rabi na ninki. A cikin wannan taƙi, bayan magariba, ake raba wa 'yan biki ragowar a leda su kai wa yara gida, tana ƙamshin kori da man gyaɗa kamar yanzu aka sauke. Akwai ma wani ƙarin dalili: nau'in Basilus seriyus da ke sa amai ba ya narkar da sitaci, saboda haka shinkafar ba ta saurin saki ko yin ruwa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne dogaron da muke yi da ɗumame. Wuta mai kyau, wadda ta ratsa abincin har tsakiya ya wuce digiri 70, tana kashe ƙwayoyin da ke raye. Gubar da wannan ƙwaya ta riga ta zuba kuwa ba ta jin wuta. An gwada ta a zafin digiri 121 na tsawon minti 90 ba ta lalace ba, balle a ce soyawar minti biyar a kasko. Ba ta da wari, ba ta da launi. Wanda ya ci yakan fara tashin zuciya da amai cikin awa ɗaya zuwa biyar, yawanci ya warware a kwana guda, kodayake an samu 'yan lokutan da ta lalata hanta har ta kai ga rasa rai. A Birtaniya aka fara gano wannan ciwo a farkon shekarun 1970, daga soyayyar shinkafar gidajen abinci da ake dafawa a bari ta kwana a waje.

Wasu ƙwayoyin ma ba sa buƙatar hayayyafa a cikin abincin. Masu sa atuni da ake kira Shigela, ƙwaya 10 zuwa 100 sun isa su kama mutum, kuma hannun da ba a wanke da sabulu bayan fitowa daga bayi ba zai iya shafa fiye da haka a kan latas ko yankakken tumatir. Babu idon da zai gani. A shekarar 2011 wata annoba ta ɓarke a Jamus, ta kama kimanin mutum 4,000, ta kashe fiye da 50. Da farko an ɗora laifin a kan kokwamba, daga baya bincike ya kai ga tsiron hulba da ake ci ɗanye, sabo, kore shar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo daga gurɓataccen abinci a kowace shekara, 420,000 suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Tunda hanci ba ya kamawa, agogo da zafi ne ma'auni. Tambayar da ya kamata a yi wa dafaffen abinci ita ce: tun yaushe aka sauke shi, kuma a ina ya zauna? Ƙa'idar masana ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, awa ɗaya ce. Mai firji kada ya tura tukunya sukutum, domin tsakiyarta za ta daɗe da ɗumi. A baza shinkafar a faranti mai faɗi ta huce da sauri, a sa ta a sanyin da bai kai digiri 5 ba, a cinye washegari. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a bar tukunyar a kan garwashi tana turiri har lokacin ci, ko a raba girkin biki gida biyu, na rana da na yamma. Na san zubar da abinci yana da nauyi a zuciya, musamman da tsadar buhun shinkafa a yanzu. Amma wadda ta wuni a kula ta huce, ko ta kwana a rufe a ɗakin girki, kada a ba yara ƙanana da masu ciki da tsofaffi, don su ne amai da gudawa ke saurin ƙarar wa da ruwan jiki.