Lambar da ke wuyan abaya: me 54, 56 da 58 ke nufi?

Duk shekara idan alhazai suka dawo, ko aka kawo lefe aka baje akwatuna, ba a rasa abayar da za a ɗaga a yaba kyanta, sannan mai ita ta saka a ga tana share ƙasa, ko kuma ta ɗage ta bar idon sawu a waje. Wanda ya sayo ba laifinsa ba ne kacokan. An ce masa yarinyar siririya ce, ya ga lamba 52 a wuyan wata abaya, ya ga 58 a wata, sai ya ɗauki ƙaramar lambar bisa tunanin ita ce ta marasa jiki. Bai san cewa lambar ba ta da alaƙa da ƙiba ko rama ba.

A abayoyin da ake ɗinkawa a Dubai da Saudiyya, da waɗanda ake kwaikwayonsu a wasu wurare, lambar tsawo take nufi, kuma da inci ake lissafa shi. Abaya mai lamba 56 tsawonta inci 56 ne daga saman kafaɗa zuwa bakin kalmasar ƙasa, wato kusan santimita 142. Lambobin suna tafiya bibbiyu: 52, 54, 56, 58, 60, kuma tsakanin kowace da mai bi mata akwai santimita 5. Masu sayarwa sukan haɗa su da tsayin mace a jadawali, su ce 52 ta mai ƙafa 5 ce ko sama kaɗan, 54 ta mai ƙafa 5 da inci 3, 56 ta mai ƙafa 5 da inci 5, haka har sama. Jadawalin yana taimakawa idan babu tef a kusa, amma kintace ne kawai, kuma yakan bambanta daga shago zuwa shago. Mata biyu masu tsayi ɗaya suna iya bambanta da inci biyu daga kafaɗa zuwa ƙasa, domin wata doguwar wuya gare ta, wata kuma cikar ƙirji.

Shi ya sa awon gaskiya daga kafaɗa yake farawa. Ana ɗora bakin tef a inda wuya ya haɗu da kafaɗa, nan ne wuri mafi tudu, kuma nan ne ɗinkin kafaɗar riga ke zama. Masu ɗora shi a gefen kafaɗa, kan ƙashin da hannu ya soma, suna rage wa kansu inci ɗaya zuwa biyu, saboda kafaɗa gangarowa take yi. Daga nan a bi da tef ta kan tudun ƙirji, a sake shi ya sauka a miƙe har ƙasa. Ba a manna shi a ciki, ba a bin lanƙwasar jiki da shi, tunda yadi ma idan ya wuce ƙirji saukowa yake yi kai tsaye.

Wannan aiki na mutum biyu ne. Mace ba ta iya auna kanta daidai, don da zarar ta sunkuya ta duba lambar da ke ƙasa, kafaɗarta ta sauko, awon ya ragu. Ta tsaya a miƙe a kan daɓe ko siminti, ba kan kafet mai laushi ba, idonta na kallon gaba, 'yar'uwarta ko ƙawarta ta durƙusa ta karanta.

Shi kansa tef ɗin yana bukatar dubawa. Tef ɗin tela na yau da kullum inci 60 ne a fuska ɗaya, santimita 150 ko 152 a ɗaya fuskar. Telolin Kano da Kaduna da inci suke aiki, na Maradi da Damagaram kuwa sun fi sabawa da santimita, don haka mai aika awo ƙetaren iyaka ta faɗi da wanne ta auna. Akwai kuma wani tef da ke shigowa daga Sin wanda rabe-rabensa suka yi kama da inci amma ba inci ba ne, awon gargajiyar Sinawa ne, kowane ɗaya santimita 3.3 maimakon 2.54. Gane shi ba wuya: lambobinsa a wajen 45 suke ƙarewa alhali bayansa na nuna santimita 150. Macen da ta auna da shi za ta ga tsawonta 42 ko 43, ta shiga neman abayar da sai a kayan yara.

A ɗauki misalin mace mai tsayin ƙafa 5 da inci 4, wato kusan santimita 163, wadda aka auna ta ba takalmi aka samu inci 56 daga kafaɗa zuwa ƙasa. Wannan 56 ɗin ba ita ce lambar abayarta ba tukuna. Sai an ƙara tudun takalmin da za ta riƙa sakawa, sannan a cire tazarar da take so tsakanin bakin riga da ƙasa. Idan silifas take sawa mai kaurin rabin inci, kuma tana son abayar ta ɗaga da inci guda, lissafin ya ba da 55 da rabi. Babu wannan lamba a kasuwa, sai ta zaɓa. Lamba 56 za ta rufe mata ƙafa, ta tsaya rabin inci daga ƙasa, ta yi kyau a ofis ko a mota, amma a lungun unguwa da damina bakinta zai sha taɓo. Lamba 54 za ta tsaya inci biyu da rabi daga ƙasa, wajen idon sawu, ta fi daɗin hawa bene da shiga Adaidaita Sahu. In kuwa ta biki ce da takalmi mai tsinin inci 3, lissafin ya koma 58. Mace ɗaya, lambobi uku, kuma kowace daidai ce a muhallinta.

Idan aka rasa ta tsakiya, gara a ɗauki doguwar, domin tela na iya rage tsawo amma ba ya iya ƙirƙiro yadin da babu. Sai dai a fara duba bakin rigar. Idan an jera masa duwatsu ko leshi ko aikin zare, ragewa daga ƙasa zai cinye adon, kuma ba kowane tela ne zai yarda ya farke ya mayar ba.

Awon gaba kaɗai ba ya isar kowa. Mace mai cikar mazaunai ta sa a auna ta ta baya ma, daga gindin wuya zuwa ƙasa, saboda jiki na ɗaga yadi ta inda ya fi tudu, sai a ga gaban abaya na taɓa ƙasa bayanta ya ɗage. Mai juna biyu akasin haka take gani. Abaya mai ɗamara ita ma tana cin inci ɗaya ko biyu idan aka ɗaure ƙugu.

Faɗi kuma da haruffa aka fi nuna shi: S, M, L, XL, a gefen lambar tsawo, kamar 56 L. Waɗannan haruffa ba su da ma'auni guda a duniya. L ɗin wani kamfani M ɗin wani ne, kuma kayan da aka ɗinka a Sin sukan fi matsewa a harafi ɗaya. Abin dogaro shi ne a shimfiɗa abayar a kan tebur, a auna daga hammata zuwa hammata, a ninka biyu. A koma ga matar nan: ƙirjinta inci 40, mazaunanta 44. Wurin da ya fi faɗi ake bi, a ƙara masa inci 4 zuwa 6 na sakewa, ya zama tana bukatar zagayen inci 48 zuwa 50, wato 24 zuwa 25 a shimfiɗe. Idan mai shago ya miƙo mata wadda ta ba da 22 a shimfiɗe, zagayenta 44 ke nan, daidai jikinta cif. Za ta shiga, amma za ta kama ta, ta fitar da surar da aka sayi abayar don rufewa, kuma idan mai buɗaɗɗen gaba ce maɓallanta za su riƙa ɓallewa in ta zauna.

Babban ruɗani yana zuwa ne daga kayan Turkiyya. Can tsarin Turai ake bi, lambobin 38, 40, 42 har zuwa 52 da 54 girman jiki suke nunawa, tsawon kuma sau da yawa guda ne ga duk lambobin, an rubuta shi daban da santimita. Lamba 52 ta Dubai ta gajeriyar mace ce ko da siririya ce, lamba 52 ta Istanbul kuwa ta mace mai jiki sosai ce, wadda ƙirjinta ya kai wajen santimita 120. Matar misalinmu, mai 56 a tsarin Dubai, 44 ko 46 za ta nema a na Turkiyya, sannan ta tambayi tsawon. Idan aka ce santimita 140, ta raba da 2.54 ta samu inci 55. A Kantin Kwari ana iya samun nau'ikan biyu rataye a shago ɗaya, don haka tambayar farko ita ce daga ina kayan suka fito.

Dogon hijabi mai kaiwa ƙasa, da abayar da ake ɗorawa a ka, lissafinsu daban ne, domin ba a kafaɗa suke rataye ba. Na baya ana auna shi daga goshi, inda bakin hijabin zai zauna, a bi ta tsakiyar kai a sauko ta baya. Na gaba daga ƙarƙashin haɓa yake farawa. A yi awon da hula da irin kitson da aka saba, tunda gashin da aka tattara a ƙeya yana ɗaga bayan hijabi. Ga mace mai matsakaicin tsayi awon baya yakan zarce inci 60, tef ya ƙare kafin a kai ƙasa, sai a riƙe wurin da yatsa a ci gaba daga nan a haɗa lissafin. Zagayen fuska kuma a auna shi daban, daga ƙarƙashin haɓa a kewayo ta goshi. In ya matse zai bar shaida a fuska ya sa ciwon kai, in ya yi yawa zai riƙa zamewa baya a tsakiyar salla. Yana da kyau mai gwadawa ta ɗaga hannu kamar za ta yi kabbara, ta kuma yi ruku'u, ta ga inda bakin ya tsaya.

Nau'in yadi ma na taɓa tsawo bayan an saya. Yadi mai talewa, irin wanda ake yawan yin hijabi da shi, nauyinsa na janyo shi ƙasa, musamman in ana shanya shi a rataye yana jiƙe, don haka gara a bar masa tazara tun farko. Auduga da lilin sukan ɗan shige a wankin farko. Nida da kirif, waɗanda aka fi yin baƙar abaya da su, yawanci na roba ne, ba su cika canzawa ba.

Mai aika a sayo mata, ko mai haɗa lefe, ya riƙe lambobi uku a takarda: tsawo daga kafaɗa tare da takalmi, faɗin hammata zuwa hammata a shimfiɗe, da tsawon hannu daga gindin wuya zuwa wuyan hannu. In babu halin auna mai ita, a karɓi wata abayarta da ta yi mata daidai, a shimfiɗa a auna. A shago kuma a nemi mai kaya ya ɗora tef a kan wadda za a biya kuɗinta, don ana samun mai lamba 56 da ta tsaya a 55.