Kiyasi Kafin Lissafi: Yadda Ake Zubar Da Amsoshin Bogi A Jarrabawa

Ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta a jarrabawar JAMB yana fuskantar tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. A wannan ɗan lokaci zai karanta tambayar, ya fahimce ta, ya yi lissafi, ya zaɓi ɗaya daga cikin amsoshi huɗu. Yara da yawa sun iya aikin, lokaci ne kawai yake ƙure musu, saboda kowace tambaya sai sun bi ta daki-daki har ɗigon ƙarshe. Alhali amsar tana nan rubuce a gabansu. Aikin da ya rage shi ne gane ta a cikin uku na bogi, kuma sau da yawa kiyasi ya isa.

Kiyasi daban yake da canki-canka. Mai canki-canka rufe ido yake yi ya zaɓa. Mai kiyasi kuwa lissafi yake yi na gaske, sai dai ya musanya lambobi masu wuya da na kusa da su masu sauƙi, kamar yadda gogaggen ɗan kasuwar hatsi a Dawanau zai ɗaga buhu ya faɗi kusan nauyinsa kafin a ɗora a sikeli.

Mu ɗauki tambaya irin wadda ake yawan gani. An ce ga tankin ruwa mai siffar ganga, daga tsakiyar gindinsa zuwa gefe mita 1.4, tsayinsa mita 2.9. Lita nawa zai ci? Zaɓin su ne: A. 4,466, B. 17,864, C. 25,520, D. 71,456.

Ƙa'idar ita ce πr²h. Kafin a taɓa kalkuleta, sai a yi aikin da ka. 1.4 sau 1.4 ya kusa 2. Lambar π ta ɗan haura 3, sai a ɗauke ta 3. Tsayin 2.9 a mai da shi 3. To 3 sau 2 sau 3 ya ba da 18, kuma kowane kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, ke nan tankin zai ci wajen lita 18,000. A ta yi ƙanƙanta ƙwarai, D ta wuce gona da iri, C ma ta yi nisa. B kaɗai ta rage, ba a kuma ɓata ko rabin minti ba.

Abin lura a nan shi ne daga ina amsoshin bogin suka fito, don ba da ka ake zuba su ba. Wanda ya ɗauka 1.4 faɗin tankin ne gaba ɗaya, ya raba shi biyu, zai samu 4,466. Wanda ya ninka shi ya koma 2.8 zai samu 71,456. Wanda ya rikice ya yi amfani da ƙa'idar faɗin jikin tanki, wato 2πrh, zai samu 25.52, ya ɗauka lita 25,520 ne. Masu tsara tambaya sun san inda ɗalibai suke tuntuɓe, sai su ajiye sakamakon kowane tuntuɓe a cikin zaɓin. Shi ya sa ganin amsarka a jerin ba hujja ba ce cewa ka yi daidai. Kuma dole a faɗi gaskiya: kiyasi ba ya ceton wanda ya ɗauko ƙa'idar da ba ita ba. Wanda ya fara da 2πrh zai kiyasta wajen 25, ya zaɓi C hankalinsa kwance.

Me ya sa 18,000 ta zo kusa da 17,864 haka? Saboda kurakuran sun cinye juna. Mun ɗaga 1.96 zuwa 2, mun ɗaga 2.9 zuwa 3, amma mun sauke π daga 3.14 zuwa 3. Wannan shi ne babban sirrin aikin: idan ana ninkawa, in ka ɗaga wata lamba, ka nemi wadda za ka sauke. In ka ɗaga duka, kuskuren taruwa yake yi. Gwada 2.6 sau 2.6 sau 2.6. Wanda ya mai da kowace 3 zai samu 27, amsar gaskiya kuwa ba ta kai 18 ba. Haka wanda ya mai da 1.4 ta tankinmu ta koma 1, don ta fi kusa da 1 a kan 2, zai samu lita 9,000, rabin gaskiya ke nan, ya tsaya yana ruwan ido tsakanin A da B. Duk lambar da za a ninka da kanta, a fara ninka ta tukuna, sannan a daidaita sakamakon.

Wani lokaci zaɓin suna matse da juna, kiyasi ɗaya ba zai raba gardama ba. A nan sai a yi guda biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, a tsare amsar a tsakiya. Misali, kuɗin wani inji naira 80,000 ne, yana ƙaruwa da kashi 9 cikin 100 kowace shekara a kan farashin shekarar da ta gabata. Nawa zai kai bayan shekara uku? A. 101,600, B. 103,602, C. 106,480, D. 112,926.

Da a ce ƙarin a kan kuɗin farko kawai ake yin sa, naira 7,200 ne duk shekara, sau uku 21,600, jimla 101,600. Tun da ƙarin yana hawa kan ƙari, dole amsar ta haura haka, A ta fita. Yanzu a ɗauka ƙarin kashi 10 ne, wanda ya fi sauƙi: 88,000, sai 96,800, sai 106,480. Tun da 9 ba ta kai 10 ba, dole amsar ta gaza haka, C da D sun fita tare. Ba mu lissafa 103,602 ba ko kaɗan, amma mun tabbata ita ce, don ita kaɗai ke tsakanin iyakokin biyu. A ganina wannan dabarar ta fi kowace ƙarfi, saboda tabbas take bayarwa, ba zato ba.

Akwai inda kiyasi ba ya aiki, kuma sanin wuraren yana cikin iya shi. Idan za a debe lambobi biyu da suka kusa juna, kada a daidaita su: 5,012 a debe 4,987 saura 25, amma wanda ya mai da kowace 5,000 zai samu sifili. Haka idan tazarar da ke tsakanin zaɓin ta fi kuskuren kiyasinka ƙanƙanta. Da a tambayar tankin an ba da 17,684 da 17,864 tare, 18,000 ba za ta bambance su ba, sai an yi cikakken lissafi. Saboda haka a fara duban zaɓin kafin a fara aiki. In ɗaya ya ninka ɗaya, kiyasi na sama-sama ya wadatar. In sun bambanta da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, a zubar da na nesa kawai, a buɗe kalkuletar da ke kan allo.

Ko a lokacin da aka yi cikakken lissafin, kiyasin da aka riga aka yi yana nan yana gadi. Yatsa yakan kauce, ɗigo ya faɗa inda bai kamata ba, 2.9 ta koma 29. Wanda ya riga ya sa ran wajen 18 zai gane nan take in allo ya nuna masa 178.

Kira na ga malaman lissafi da iyaye masu taya yara bita a gida shi ne: ku ɗauko tambayoyin shekarun baya, ku hana yaro biro da kalkuleta, ku ce ya faɗi kiyasinsa da baki, ya kuma faɗi ko yana sama da amsar ne ko yana ƙasa da ita, da dalilinsa. Sai bayan ya faɗa za ku bar shi ya lissafa ya gani.