Tsanin da Ake Hawa Don Rabuwa da Waswasin Wanke Hannu

Mai fama da waswasin tsabta yakan san cewa wankin nasa ya wuce kima. Ya ga bayan hannunsa ya tsattsage, ya ga sabulun da ya kamata ya yi mako biyu ya ƙare a kwana uku. Shi ya sa ce masa "ka daina mana" ba ta haifar da komai. Abin da ke riƙe da shi shi ne sauƙin da yake samu da zarar ruwa ya zuba a hannunsa. Fargaba ta taso, ya wanke, ta kwanta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wankin ne ya cece shi. Gobe ta nemi ƙari.

A shekarar 1966 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Victor Meyer, a asibitin Middlesex da ke Landan, ya gwada wata hanya: a bar majinyaci ya taɓa abin da yake gudu, sannan a taimaka masa ya ƙi wankewa. Daga baya Edna Foa da abokan aikinta a Philadelphia suka tsara hanyar ta zama zama sha biyar zuwa sha bakwai, kowane zama awa ɗaya da rabi ko biyu. Ginshiƙin aikin shi ne jerin abubuwan tsoro daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, wanda ake hawa kamar tsani. Yadda ake rubuta wannan jeri shi ne ke raba maganin da ya yi aiki da wanda ya tashi a banza.

Mu ɗauki misali da wata malamar firamare. Tana wanke hannu sau arba'in a yini, wankanta na ɗaukar fiye da awa guda, ta daina karɓar canji a hannun mai adaidaita. Likitan halayya ba zai fara da taɓa komai ba. Zai ba ta littafi ta yi mako guda tana rubuta abin da ta taɓa, abin da ya zo mata a rai, da minti nawa ta yi tana wanki. Sannan ya yi mata tambayar da ta fi kowacce amfani: "Malama, in ba ki wanke ba, me zai faru?" Amsar ce ke nuna inda tsanin zai dosa. Wata za ta ce ita za ta kamu da ciwo, wata ta ce ƙyama ce kawai ba za ta iya jurewa ba. Wannan malamar cewa ta yi za ta kwaso taifot ta shafa wa ɗanta, ya mutu, laifin ya zama nata. Ke nan tsaninta bai kammala ba sai ya kai ga taɓa yaron.

Daga nan sai a sa wa kowane abu maki daga 0 zuwa 100, ma'aunin da Joseph Wolpe ya fito da shi. Sifili kwanciyar hankali ce, ɗari kuwa fargaba mafi muni da mutum ya taɓa ji. Ita ce ke ba da makin, ba likita ba, ko da tsarin ya zo a karkace. Tana iya sa takardar kuɗi sama da kwandon shara, kuma haka za a bar shi. Ana so a samu matakai goma zuwa sha biyar, kowanne a fayyace. "Taɓa ƙazanta" ba mataki ba ne. "Riƙe mariƙin ƙofar aji da tafin hannu gaba ɗaya na minti biyu" shi ne mataki. A nata jerin, mariƙin ƙofa ya samu 30, littattafan ɗalibai 40, tsohuwar naira ɗari 50, gaisawa da abokiyar aiki hannu da hannu 60, tafin takalmi 70, famfon banɗakin makaranta 85. A can sama, 95, akwai dawowa daga kasuwa ta ɗauki ɗanta ba tare da ta sauya kaya ba.

In aka ga rami tsakanin 70 da 85, ba a tsallaka shi. Ana cike shi da abu guda ta hanyar sauya yadda ake taɓawa: da yatsa ɗaya tukuna, sannan da tafi, sannan a shafa hannun a mayafi, a fuska, a matashin kai. Wannan shafawar tana da muhimmanci, domin muddin akwai wani lungu "mai tsabta" da ta keɓe a gida, can fargabar za ta koma ta ɓuya.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne ƙa'idar wanki, kuma a rubuce ake yin ta tun ranar farko: wanke hannu bayan bayan gida da kafin abinci, daƙiƙa ashirin, sabulu sau ɗaya, wanka ɗaya na minti goma. Babu wanda ake sa wa ya taɓa jini ko kashi, kuma in kwalara ta ɓarke a unguwa ana bin umarnin ma'aikatan lafiya kamar kowa. Ma'aunin shi ne abin da mutanen gida masu tsabta suke yi ba tare da tunani ba. Alwala kuma tana nan, sau uku-uku ba ƙari. In waswasin ya haɗa da tsarki da najasa, yana da kyau a sa malamin da majinyaciya ta amince da shi ya faɗi hukuncin sau ɗaya a rubuta. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da sanin wanda kokwanto ya zame wa jiki, kuma umarnin da yake ba shi shi ne ya yi watsi da kokwanton.

Ana farawa wajen 40, inda akwai wuya amma ana iyawa. Likita ya fara riƙe littafin ɗalibi, ita ma ta riƙe. Kafin nan ya tambaye ta abin da take zato. Ta ce fargabar za ta kai 90, ba za ta jure minti biyar ba. Ana tambayar maki duk bayan minti biyar: 55, 65, 60, 45, bayan minti arba'in 30. Sai ta je gida ta maimaita kullum, a aji da ɗakin girki da gidan ƙanwarta, don kada darasin ya tsaya a ofishin likita. A da ana jiran makin ya ragu da rabi kafin a hau gaba. Binciken Michelle Craske ya karkata hankali zuwa wani wajen: abin da ya fi muhimmanci shi ne zaton ya ƙaryata. Ko makin bai sauka ba, in ta ga ta jure awa guda, zaman bai faɗi ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wankin ɓoye. Makin da ya faɗo daga 70 zuwa 10 cikin minti biyu abin tuhuma ne, haka ma wanda ya ƙi motsi mako bayan mako. In aka bincika, sai a tarar tana taɓa kuɗin da farce, ko tana goge hannun a zani, ko tana ce wa ranta "da na isa gida zan wanke". Wani lokaci kuma maigida ne. Ta tambaye shi, "Baban Yara, ba komai ko?" ya ce ba komai, don tausayi. Wannan amsa aikin sabulu take yi. Ana kiran sa a koya masa ya ce, "Mun yi alkawari ba zan amsa wannan ba," ya zauna kusa da ita. In kuwa ta kasa ta wanke, ba faɗa, sai ta koma nan take ta sake taɓa abin.

Kuskure na ƙarshe shi ne tsayawa a 70 saboda rayuwa ta yi sauƙi. Matakin da aka bari a sama shi ke dawo da ciwon. Wanda baƙin ciki mai tsanani ya danne, ko fargabar ta hana shi ko matakin farko, likitan ƙwaƙwalwa kan haɗa masa da magani irin su fulokzetin, wanda kan ɗauki mako takwas zuwa sha biyu kafin a yanke hukunci a kan amfaninsa. Ana iya fara neman masanin halayya a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato.