Sunan Da Ake Shiga Kanti Da Shi

Galibi mai sayen akwatin wasa ya riga ya san abin da yake nema kafin ya iso kanti. Ya buga wasan a gidan wani, ya yi dariya, an cinye shi, bayan mako guda kuma ya tsaya gaban mai kanti yana son nasa. Abin da ya rage a kansa a wannan lokaci suna ne kawai. In sunan ya ɓace masa, sai ya koma kwatance: "Wannan mai ƙananan katakai da haruffa." Mai kanti kuwa ba ya sayar da kwatance, sai ya miƙo masa wanda ke kusa da hannu.

Wasan haɗa kalmomi na Scrabble ya sha wannan wahala kafin ya samu sunansa. Alfred Butts, wani mai zanen gine-gine a Amurka da ya rasa aiki lokacin karayar tattalin arziki, ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1930 da sunan Lexiko. A 1938 ya ƙara masa allo, ya kira shi Criss-Crosswords. Sunan farko ba ya gaya wa kowa komai. Na biyu kuma ya cika bayani: dogo ne, yana sarƙe harshe, sannan yana kama da sunan wasan cike gurbin kalmomi da jaridu ke bugawa. Wanda ya nemi wannan a kanti, ba mamaki a ba shi littafin wasan jarida. Manyan kamfanonin wasa suka ƙi karɓa, Butts ya ci gaba da haɗa 'yan akwatuna da hannunsa.

A 1948 James Brunot ya karɓi haƙƙin yin wasan, ya gyara allon, ya sauƙaƙa dokoki, ya yi masa rajista da sunan Scrabble. Kalmar Turanci ce mai nufin lalube ko tonon abu da gaggawa. Gaɓa biyu ce, kowa ya san ta, amma babu wani kaya a kanti mai amsa ta. Sunan dai bai yi tsafi ba, don Brunot ya yi asara a shekarun farko, sai a 1952 kasuwa ta buɗe. Amma da ta buɗe, masu saye suna da kalma guda da za su faɗa, masu kanti kuma suna da kalma guda da za su yi oda da ita. Da wannan suna ne Wellington Jighere na Nijeriya ya zama zakaran duniya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya kai nan.

Wata dabarar ita ce a sa sunan cikin wasan kansa. A Uno, wanda wani mai aski a jihar Ohio, Merle Robbins, ya fito da shi a 1971, dole ne wanda kati ɗaya ya rage masa ya ɗaga murya ya ce "Uno". Kowane zagaye talla ce kyauta. Kartar Whot, da ta fito daga Ingila a 1935 ta zama 'yar gida a Nijeriya, sunanta na rubuce a kan katin da kowa ke fatan ya faɗo hannunsa.

Suna kuma yana da iyakar ƙasa. Cluedo, wasan gano mai kisa da ya fito a Ingila a 1949, an haɗa sunansa ne daga kalmar Turanci mai nufin alamar gano sirri da kuma Ludo. Amurkawa ba su san Ludo ba, don haka a can aka datse shi ya koma Clue.

Mai ƙirƙirar wasa a Kano ko Maraɗi yana da gwaji mai arha. Ya faɗa wa mutum sunan sau ɗaya, kashegari ya aike shi ya faɗa wa wani, shi kuma ya rubuta abin da ya ji. In rubutun ya dawo daban, da sauran aiki. Harshe yana da nasa hukunci: Ludo ya zama lido a bakin Hausawa da dama, mai kanti kuma yana ganewa, don sunan gajere ne. Sai a duba ko sunan mai ƙ ko ɗ zai fito in an buga shi a waya babu lanƙwasa.

Sunan gama-gari irin "dara" ko "karta" daɗin faɗa gare shi, amma na kowa ne, kuma ba a mallaka wa mutum ɗaya shi. Sai an ƙara masa kalmar da ta keɓe shi. A Nijeriya ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke Abuja ne ke wannan aiki, kayan wasa suna rukuni na 28, rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara 14.