Injin Ya Yi Kuskure: A Ƙara Masa Horo ko A Gyara Umarni?

A ce wani ƙaramin banki ya sa injin ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT, yana amsa tambayoyin abokan hulɗa ta WhatsApp. Ba a jima ba ƙorafi ya yi yawa: an tambaye shi cajin tura kuɗi ya faɗi na bara, an nemi amsa a taƙaice ya zubo shafi guda. Abin da manaja kan fara cewa shi ne, "A ƙara masa horo da takardunmu." Wannan kuwa ita ce hanya mafi tsada cikin uku, kuma ba lallai ta taɓa cutar ba.

Hanya ta farko ita ce gyara umarnin da ake rubuta wa injin: wane ne shi, yaya zai yi magana, me zai yi idan bai sani ba, tare da misalan amsa biyu ko uku. Ta biyu ita ce ɗauko bayani. Ana yanka takardun banki gunduwa-gunduwa a adana, idan tambaya ta shigo sai a zaƙulo gutsure uku ko biyar da suka fi dacewa a liƙa mata, injin ya amsa yana kallonsu. Masana suna kiranta RAG, sunan da masu bincike na Facebook suka fito da shi a 2020. Duk biyun ba sa taɓa cikin injin. Ta uku ce ke taɓawa: ƙarin horo yana sauya lambobin da injin ya ginu a kansu, ta hanyar nuna masa ɗaruruwa ko dubban tambayoyi da amsoshin da ake so.

Kafin a zaɓa, sai a tara tambayoyi na gaske, a ce ɗari, a rubuta amsar da ta dace da kowace. Mu ɗauka injin ya faɗi talatin. Nan aikin yake: a bi talatin ɗin ɗaya bayan ɗaya, a ga irin faɗuwar.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka ɗauki tambayar cajin tura kuɗi, ka kwafo shafin sabon farashi da hannunka ka sa masa tare da ita. Idan ya amsa daidai, to ba basira ya rasa ba, takarda ce ba ta kai gabansa ba. Maganinsa ɗauko bayani. Idan kuma da ma akwai tsarin, a duba abin da ya zaƙulo. Wataƙila an yanka jadawalin farashi biyu, sunan caji a gutsure ɗaya, adadinsa a wani, ko kuma tsohuwar takarda tana nan ba a cire ba.

Me zai hana a cusa masa farashin ta horo? Domin horo ya fi iya koyar da ɗabi'a a kan haddar gaskiya. Injin zai koyi maganar banki tsaf, ya riƙa faɗin adadi da cikakken tabbaci, alhali yana iya gauraya na bara da na bana. Ga shi ba zai nuna maka inda ya samo ba. Ranar da farashi ya sauya kuma sai an sake horon, alhali a ɗaya hanyar takarda guda za a musanya.

Tsawon amsa da tsarinta kuwa, umarni kan gyara su cikin yini ɗaya.

To, yaushe horo ke da amfani? Idan takarda tana gabansa, umarni ya fito fili, amma har yanzu yana tuntuɓe a wuri guda. Hausa misali ce. Yawancin injinan nan sun ga rubutun Turanci fiye da na Hausa nesa ba kusa ba, don haka ƙananansu kan yi Hausa mai warin fassara, ko su rikice da rubutun waya da ba ya bambanta ƙ da k. Haka nan idan tambayoyi sun yi yawa har kuɗin babban inji ya zama nauyi, ana iya horar da ƙarami ya iya aiki guda, kamar rarraba ƙorafi gida-gida. Dabarar LoRA, wadda masu bincike na Microsoft suka bayyana a 2021, ta rage tsadar sosai, domin ɗan ƙaramin ƙari ake horarwa a bar asalin lambobin yadda suke.

Duk da haka, babban kuɗin yana wajen mutanen da za su rubuta misalai masu kyau, domin duk kuskuren da ke cikinsu injin zai kwashe shi. Kuma kada a sa tambayoyin gwaji ɗarin nan cikin na horo. Idan injin ya cinye waɗanda aka koya masa amma ya faɗi waɗanda bai taɓa gani ba, hadda ya yi. A kuma sake jarraba shi da tambayoyi saba'in ɗin da ya ci tun farko, domin yakan gyaru a Hausa ya manta wani abin da ya iya a da.