Tsara Tambayar Taswira a Kan Iyakar Nijeriya da Nijar

Tambayar taswira a jarrabawar tarihi ita ce wadda ɗalibi ba zai iya amsa ta ba sai ya dubi zanen da ke gabansa. Idan za a iya rufe taswirar da tafin hannu kuma amsar ta fito daga hadda, to taswirar ado ce kawai. Iyakar Nijeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ta dace da irin wannan tambaya, domin sau da dama Ingila da Faransa suka sake shata ta.

Aikin farko shi ne shirya taswirar kanta. Ana sa Kogin Kwara da Tafkin Chadi, da alamar arewa, da ma'aunin nisa, da garuruwa kaɗan: Say, Sakkwato, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Katsina, Damagaram da Barwa. A kai ake zana layuka uku. Na farko shi ne na yarjejeniyar 1890, daga Say zuwa Barwa a gaɓar Tafkin Chadi. Na biyu na 1898 ne, wanda ya yi baka a arewacin Sakkwato da nisan mil 100 daga birnin. Na uku shi ne iyakar yau, wadda ta samo asali daga gyaran 1904 da 1906, kuma Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka jagoranci kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Tunda yawanci da baƙin tawada ake buga takardar jarrabawa, gara a bambanta layukan da ɗige-ɗige da tsinke-tsinke, domin launi ɓacewa yake yi a injin kwafi.

Tambayoyin sukan tashi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A maki 20, ana iya ba da 4 ga gane layukan da shekarunsu, 6 ga awo, 10 ga bayani. Ga yadda awon yake. Idan santimita 1 a taswira tana wakiltar kilomita 40, to mil 100, wato kimanin kilomita 160, zai zama santimita 4. Birnin Ƙonni tana arewa da Sakkwato da kimanin kilomita 80 a miƙe, wato santimita 2. Ɗalibin da ya aza rula zai ga cewa a 1898 garin yana cikin bakar, a ɓangaren Ingila, alhali yau yana Nijar. Daga nan sai a tambaye shi dalilin da ya sa aka janye layin kudu. Amsar da ake nema ita ce ruwa: layin 1898 ya bar wa Faransawa hanyar da rijiyoyi suka yi ƙaranci tsakanin Kwara da Damagaram, shi ya sa suka nemi gyara. Idan ana son ɗalibi ya hango wannan da kansa, dole a nuna masa a taswirar inda ƙasar noma ta ƙare.

Sashen tasirin siyasa ne ya fi saurin lalacewa a hannun mai tsara tambaya. Umarni irin "bayyana illolin iyakokin Turawa" yakan jawo amsa guda daga aji duka, cewa an raba 'yan uwa. Ya fi kyau a ɗaure tambayar da wuri da lokaci: a nuna mashigar Illela da Ƙonni, ko ta Jibiya da Ɗan Isa, a ce ɗalibi ya bayyana abin da rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ya jawo wa kasuwannin wurin.

Akwai kurakurai biyu da takardar maki ya kamata ta yi tanadi a kansu. Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa a taron Berlin na 1884 zuwa 1885 aka shata wannan iyaka, alhali yarjejeniyoyin ƙasashen biyu ne daga baya suka yi ta. Wasu kuma sukan ce Bature ne ya raba Katsina da Maraɗi. Rabuwar ta girmi zuwansa: bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ne sarautar Katsina ta dā ta koma Maraɗi, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tsibiri. Abin da Turawa suka yi shi ne mai da tsohuwar rabuwa iyakar ƙasa da ƙasa, kowane ɓangare da harshen gwamnatinsa da kuɗinsa. Cikakken maki na ɗalibin da ya bambance waɗannan biyu ne, ya kuma ambaci ƙudurin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Alƙahira a 1964, wanda ya ce a mutunta iyakokin da ƙasashe suka gada lokacin samun 'yanci.

Kafin a buga takardar, wani malami daban yakan amsa ta da rula a kan kwafin da za a raba. Idan injin ya rage girman taswirar, ma'aunin da aka rubuta da lambobi ya tashi daga aiki, amma wanda aka zana a matsayin sanda yakan ragu tare da ita, ya ci gaba da ba da nisa daidai.