Lokacin Da Ya Dace Manhaja Ta Nemi Taurari

Kowace manhaja da ke Play Store ko App Store tana ɗauke da maki daga tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma shi ne abin da mai neman saukewa yake fara kallo. Sai dai mutane ba su cika zuwa shagon manhaja da kansu don yabo ba. Wanda ya ji daɗi yakan gama abin da ya kawo shi ya ajiye waya, wanda aka ɓata wa rai kuwa shi ne mai nemo shafin ya huce haushi. Shi ya sa masu haɗa manhaja suke neman taurari daga cikin manhajar kanta, ta ɗan akwatin nan da ke fitowa a allon waya. Wahalar aikin duk tana wurin zaɓar lokacin da akwatin zai fito.

A da, kowace manhaja tana ƙera nata akwatin, tana kuma fito da shi duk sanda ta ga dama, har abin ya ishi mutane. Kamfanin Apple ya taka wa abin birki a 2017, lokacin da ya fitar da iOS 10.3 tare da akwati guda na bai-ɗaya, wanda ake kira da umarnin `requestReview`. Ko sau ɗari manhaja ta kira shi, wayar ba za ta nuna wa mutum ɗaya akwatin fiye da sau uku a cikin kwana 365 ba, kuma mai waya yana iya kashe shi gaba ɗaya daga saiti. Google ya kawo nasa a 2020, mai aiki a wayoyin Android 5.0 zuwa sama. Shi ma yana da iyaka, amma bai bayyana adadinta ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne idan aka sake kira cikin ɗan lokaci, kamar ƙasa da wata guda, mai yiwuwa akwatin ya ƙi fitowa. Ke nan dama kaɗan ce, kuma wanda ya kashe ta a ranar farko ya yi asara.

A ɗauki misalin manhajar sayen data da katin waya da biyan kuɗin wutar lantarki. Kuskure mafi yawa shi ne a tambayi mutum da zarar ya buɗe ta. Wanda ya buɗe irin wannan manhaja da buƙata ya zo, wataƙila datarsa ta ƙare yana tsakiyar magana, don haka duk abin da ya tare masa hanya cikas ne. Sabon shiga kuma bai ga komai ba tukuna, bai da abin da zai auna.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, domin kama yake da dabara. Mai haɗa manhajar yakan ce ai lokacin da aka rubuta "an biya" shi ne lokacin farin ciki, sai ya sa akwatin a nan. To amma biya daban, isowar kaya daban. Mutumin da ya sayi wuta ta mita mai kati yana jiran lambobi ashirin da zai shigar a mitarsa. Ga shi tsaye a duhu, yana haska maɓallan mita da fitilar waya, yana karanto lambobin huɗu-huɗu, ya kai na goma sha biyu, sai akwati ya rufe allon yana neman taurari biyar. Ko da manhajar ta yi aikinta daidai, abin da zai fita daga yatsansa a wannan lokaci ba yabo ba ne. Haka wanda aka cire wa kuɗi amma data ba ta shigo ba tukuna: a wurinsa ciniki bai ƙare ba.

Lokacin da ya dace shi ne bayan an tabbatar kaya sun isa, mutum ya rufe rasidi da kansa ya koma shafin farko, ba shi da sauran abin yi. Ko a nan ma ba kowa ake tambaya ba. Mai haɗa manhajar yana iya gindaya sharuɗɗa kamar haka: mutum ya yi aƙalla mako guda da sauke ta, ya yi ciniki uku da suka tafi lafiya, babu cinikin da ya maƙale masa ko manhajar ta mutu a hannunsa cikin 'yan kwanakin nan, kuma ba shi da ƙorafin da ke jiran amsa. Waɗannan adadi ba doka ba ne, kowace manhaja da yanayinta. Manhajar da ake buɗewa sau ɗaya a wata ba za ta yi lissafi irin na wasan da ake bugawa kullum ba. Tazarar da ke tsakanin tambaya da tambaya ce ke da lissafi bayyananne: idan aka raba kwana 365 gida uku, ana samun kusan kwana 120, don haka manhajar ta ajiye ranar da ta yi kira na ƙarshe, kada ta sake sai wata huɗu sun wuce, kuma zai fi kyau a ce ta fitar da sabon gyara a tsakani.

Dole manhajar ta riƙe wannan lissafi da kanta, saboda ba a gaya mata abin da ya faru. A Android tana fara neman izini da `requestReviewFlow`, sannan ta buɗe akwatin da `launchReviewFlow`, amma amsar da ke dawowa ba ta nuna ko akwatin ya fito, balle ko mutum ya ba da tauraro. Da gangan aka yi haka, don kada manhaja ta gane wanda ya ba ta maki kaɗan ko ta ci gaba da bin wanda ya ƙi. Wannan ne ma dalilin da ya sa bai dace a ɗaura umarnin a kan maɓallin "ba mu taurari" ba: idan iyaka ta cika, mutum zai danna ya ga shiru, ya ɗauka manhajar ce ta lalace. Irin wannan maɓalli kamata ya yi ya kai mutum shafin manhajar a shago kai tsaye.

Akwai wata dabara da ta yaɗu, wato a fara tambayar mutum "Kana jin daɗin manhajar nan?", idan ya ce e a tura shi ga taurari, idan ya ce a'a a karkatar da shi wani wuri. Ƙa'idojin Google sun ce kada a yi wa mutum wata tambaya kafin akwatin ko lokacin da yake allo. Kamfanonin biyu kuma sun haramta sayen taurari da kyauta, kamar a yi alkawarin data ko rangwame ga wanda ya ba da biyar, kuma hakan na iya jawo a cire manhaja daga shago. Hanyar ƙorafi tana da amfani ƙwarai, amma wurinta daban: a ajiye ta a fili a shafin cinikin da ya maƙale, inda mai haushi zai gan ta kafin ya tuna da shago.

Ana gane an kuskure lokaci ta hanyoyi biyu. Na farko, sharhin mutane da kansa yana tona asiri, domin za a fara ganin masu ba da tauraro ɗaya suna cewa an dame su da tambaya, ba wai manhajar ta gaza ba. Na biyu, mai haɗa ta yana iya duba yawan waɗanda ke rufe ta nan take bayan an yi kiran, ya kwatanta da waɗanda ba a tambaya ba. Gyara yakan nuna da wuri a Play Store, domin tun 2019 Google ya fi ba sababbin taurari nauyi a kan tsofaffi. Daga ƙarshen 2021 kuma makin da mai waya ke gani na ƙasarsa ne, don haka manhajar da ke damun masu amfani da ita a Najeriya ko Nijar, a can makinta zai faɗi, komai yabon da take sha a wasu ƙasashe.